Riba Ɗaya, Haɗari Daban: Yadda Ake Auna Hawa da Saukar Asusun Zuba Jari

Kamfanonin da ke juya kuɗin jama'a a Najeriya sun fi son tallata lamba ɗaya, wato ribar da asusunsu ya kawo a shekara. Lambar tana da amfani, amma tana faɗin inda aka tashi da inda aka sauka ne kawai, ba ta faɗin abin da ya faru a tsakani. Motoci biyu za su iya barin Zariya tare su isa Kano a lokaci ɗaya, ɗaya ta bi kwalta, ɗaya ta sha gargada. Wanda zai janye kuɗinsa a tsakiyar shekara, don kuɗin makaranta ko sayen taki ko kujerar Hajji, gargadar ce ta fi shafarsa. Ana iya auna ta da lamba, kuma kayan aikin suna cikin takardun bayanin asusu da kamfanin ke aiko wa mai jari.

A ƙasa akwai asusu biyu na misali. Alƙalumansu na koyarwa ne, ba na wani kamfani ba. Na farko, Asusun A, yana sayen hannun jarin kamfanoni a kasuwar NGX ta Legas. Na biyu, Asusun B, yana zuba kuɗi a sukuk da takardun bashi masu gajeren wa'adi. Dukansu sun rufe shekara da ribar kashi 18.2 cikin ɗari.

Lambar da ake ɗauka daga takarda

Idan mutum ya zuba kuɗi a asusun haɗaka irin waɗanda hukumar SEC ke yi wa rajista, ana raba masa yunit ne gwargwadon kuɗinsa. Takardar wata takan nuna abu uku: yawan yunit ɗinsa, farashin kowane yunit, da jimillar kuɗinsa. Haka ma takardar asusun fansho da ke ƙarƙashin kulawar PenCom. Lambar da ake bukata ita ce farashin yunit a ranar ƙarshe ta kowane wata. Domin samun ribar wata goma sha biyu ana bukatar farashi goma sha uku, saboda ribar Janairu daga farashin ƙarshen Disamba ake auna ta.

Jimillar kuɗi tana yaudara, musamman ga mai ƙara ajiya kowane wata. A ce mutum yana da naira 1,000,000 a ƙarshen Maris. A Afrilu farashin yunit ya faɗi da kashi 5, kuɗinsa ya koma 950,000. A ƙarshen watan ya ƙara zuba 100,000, takarda ta nuna 1,050,000. Wanda ya kalli jimilla zai rubuta ribar kashi 5, alhali asarar kashi 5 aka yi. Kuɗin da ya fito daga aljihunsa ne ya rufe ramin. Farashin yunit ba ya motsi don wani ya zuba ko ya cire, shi ya sa ake dogara da shi.

Akwai gyara biyu kafin a fara lissafi. Na ɗaya, wasu asusun suna buga farashi biyu, wanda suke sayar maka da yunit da wanda suke sayensa daga hannunka. A zaɓi na biyun, domin shi ne kuɗin da za ka karɓa ranar fita, kuma a tsaya a kansa daga farkon jerin har ƙarshe. Na biyu, watan da asusu ya raba riba, farashin yunit yana sauka da gwargwadon abin da aka raba. Idan yunit ya fara wata a naira 110, aka biya naira 5 a kan kowane yunit, ya rufe a 107, ido zai ga faɗuwar kashi 2.7. Amma naira biyar ɗin ta shiga hannun mai jari, don haka ana mayar da ita cikin lissafi: 107 da 5 sun zama 112, kuma 112 a kan 110 riba ce ta kashi 1.8. Wanda ya manta wannan gyaran zai ɗora wa asusun faɗuwar da bai yi ba.

Ribar wata-wata

Ribar wata ita ce farashin ƙarshen watan a raba da na ƙarshen watan da ya gabata, a cire ɗaya. Asusun A ya rufe Disamba a naira 100.00, ya rufe Janairu a 104.00, riba kashi 4 ke nan. Fabrairu ya rufe a 101.92, kuma 101.92 a kan 104.00 faɗuwa ce ta kashi 2. Ga shekarar gaba ɗaya:

| Wata | Farashin A (₦) | Ribar A (%) | Ribar B (%) |
|---|---|---|---|
| Janairu | 104.00 | +4 | +1.2 |
| Fabrairu | 101.92 | −2 | +1.5 |
| Maris | 108.04 | +6 | +1.3 |
| Afrilu | 102.63 | −5 | +1.6 |
| Mayu | 105.71 | +3 | +1.4 |
| Yuni | 114.17 | +8 | +1.1 |
| Yuli | 109.60 | −4 | +1.7 |
| Agusta | 110.70 | +1 | +1.4 |
| Satumba | 118.45 | +7 | +1.3 |
| Oktoba | 114.89 | −3 | +1.5 |
| Nuwamba | 120.64 | +5 | +1.6 |
| Disamba | 118.23 | −2 | +1.2 |

Tun kafin a yi wani lissafi jadawalin ya riga ya yi magana. Asusun A ya faɗi a wata biyar cikin goma sha biyu, B bai faɗi ko sau ɗaya ba. Wanda ya shiga A a ƙarshen Yuni, lokacin da labarin ribar kashi 8 ke yawo, ya sayi yunit a 114.17. Da bukata ta taso masa a ƙarshen Agusta, a 110.70 zai sayar, da asarar kashi 3, a cikin shekarar da tallar kamfani za ta kira shekarar riba.

Yadda ake mayar da jerin ya zama lamba ɗaya

Mataki na farko shi ne matsakaici. Idan aka haɗa ribar A ta wata goma sha biyu, har da watannin asara, ana samun 18. A raba da 12, matsakaicin wata ya zama kashi 1.5.

Mataki na biyu, a duba nisan kowane wata daga wannan matsakaicin. Janairu ya kawo 4, ya ɗara matsakaici da 2.5. Afrilu ya kawo −5, ya gaza da 6.5. Agusta ya kawo 1, tazararsa rabin maki ce kawai. Idan aka haɗa waɗannan tazarar yadda suke, na sama da na ƙasa za su cinye juna a tashi da sifiri. Saboda haka ake ninka kowace tazara da kanta, sai alamar ragi ta ɓace. Tazarar Janairu ta zama 6.25, ta Afrilu 42.25, ta Agusta 0.25. Wannan ninkin yana da wani tasiri da ya kamata a sani: yana ba manyan tazara nauyi fiye da ƙanana. Tazarar Afrilu ta ninka ta Agusta sau 13, amma bayan ninki ta ninka ta sau 169. Ma'aunin yana jin wata ɗaya mai tsanani fiye da watanni da yawa masu ɗan motsi.

Mataki na uku, a haɗa dukan goma sha biyun. Ga Asusun A jimillar ita ce 231. Ana raba ta da 11, ba 12 ba. Dalili shi ne matsakaicin da aka auna tazarar daga gare shi, daga cikin waɗannan watannin aka fitar da shi, don haka watannin sun fi kusa da shi fiye da yadda za su kasance da matsakaicin asusun na dogon lokaci. Rage ɗaya yana gyara wannan. 231 a raba da 11 ya ba da 21.

Mataki na ƙarshe, a warware ninkin da aka yi, wato a nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 21. Ita ce 4.58. Wannan shi ne ma'aunin hawa da saukar Asusun A: kashi 4.6 a wata. A takardun kamfanoni sunan da ake rubuta masa shi ne Standard Deviation. Idan aka bi matakan nan ga Asusun B, matsakaici 1.4 ne, jimillar tazarar da aka ninka 0.38, ma'auni kuma 0.19. Asusu biyu masu ribar shekara iri ɗaya, amma motsin ɗaya ya ninka na ɗayan kusan sau 25.

Mai Excel ko Google Sheets, ko a waya ne, ba sai ya yi da hannu ba. A jera farashi goma sha ukun daga B2 zuwa B14. Layin farko a nan a sa shi a C3 a ja shi har C14, sauran ukun a sa su a gefe:

```
=(B3/B2-1)*100
=AVERAGE(C3:C14)
=STDEV.S(C3:C14)
=STDEV.S(C3:C14)*SQRT(12)
```

A lura da harafin S da ke ƙarshe. STDEV.P yana raba wa da 12 ne, zai ba da 4.39 a maimakon 4.58.

Abin da 4.6 ke nufi a naira

Ma'aunin yana faɗin tazarar da wata na yau da kullum ke yi daga matsakaici. A cire 4.6 daga 1.5, a kuma ƙara shi, sai a sami iyaka biyu: −3.1 da +6.1. Idan ribar asusu tana bin tsarin da masana lissafi suka fi ɗauka, kusan wata biyu cikin kowane uku za su faɗo tsakanin iyakokin nan. A jadawalinmu wata takwas ne suka faɗo ciki. Afrilu da Yuli sun fita ta ƙasa, Yuni da Satumba sun fita ta sama. Idan aka ninka ma'aunin biyu, iyakokin sun koma −7.7 da +10.7, kuma ana sa ran kusan wata 19 cikin 20 su zauna a ciki.

Mai naira miliyan biyu a Asusun A ya fassara wannan zuwa kuɗi. Motsin naira dubu casa'in sama ko ƙasa da abin da ya saba gani ba labari ba ne, halin asusun ne. Watan da zai buɗe takarda ya ga naira 154,000 sun zube, wato kashi 7.7, ba kullum yake zuwa ba, amma yana cikin abin da ya saya. A Asusun B, a kan miliyan biyun nan, motsin wata bai kai naira dubu huɗu ba. Tambayar da mai jari zai yi wa kansa ke nan: idan faɗuwar ta zo daidai watan da zai biya kuɗin haya ko na asibiti, yana da inda zai juya, ko dole ya sayar a ƙasa? Wanda kuɗinsa zai kwana shekara biyar ba a taɓa ba yana iya ɗaukar A. Wanda zai cire nan da wata huɗu, ribar kashi 18.2 ba ta yi masa alkawarin komai ba.

Kamfanoni sun fi buga ma'aunin a matsayin na shekara. Ba da 12 ake ninkawa ba, da 3.46 ne, lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 12. Dalili shi ne watannin hawa da na sauka suna rage wa juna kaifi idan aka tara su, don haka motsin shekara bai kai ninki goma sha biyu na motsin wata ba. Na A ya zama kashi 15.9 a shekara, na B 0.6. Kafin a gwada asusu biyu a tabbata lambobin duka na wata ne ko duka na shekara, kuma daga watanni ɗaya aka fitar da su. Ma'aunin 2021 na wannan asusu ba ya gwaduwa da ma'aunin 2024 na wancan.

Wata goma sha biyu sun yi kaɗan

Shekara ɗaya ta isa koyon hanya, ba ta isa yanke hukunci ba. Da wata 12, kuskuren da ke tattare da ma'aunin ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na girmansa, wato 4.6 ɗin nan zai iya kasancewa 3.6 ko 5.6. Da wata 36 kuskuren yana sauka zuwa kusan ɗaya cikin takwas. Shi ya sa masu nazarin asusu suka fi aiki da shekara uku zuwa biyar.

Babbar matsalar ma ba yawan watannin ba ce, irin watannin da suka shiga jerin ne. A ce bayan Disamba an sami wata guda da Asusun A ya faɗi da kashi 20. Idan aka sake lissafi da wata goma sha uku, ma'aunin ya tashi daga 4.6 zuwa 7.4, matsakaicin kuma ya sauka ƙasa da sifiri. Wata ɗaya ya sauya hoton duka. A bisa ƙa'idar wata 19 cikin 20, irin wannan faɗuwar kusan ba za ta taɓa aukuwa ba, amma kasuwannin hannun jari suna yin ta fiye da yadda ƙa'idar ke hasashe. A 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya ya zube da kusan kashi 46 a shekara ɗaya. A 2020 ya tashi da kusan kashi 50, duk da faɗuwar da annobar korona ta jawo a watan Maris. Jerin da ya fara daga Afrilun 2020 zai nuna asusu mai lafiya fiye da jerin da ya fara daga Janairu. Saboda haka a gefen ma'aunin a rubuta wasu lambobi biyu: wata mafi muni a jerin, da faɗuwa mafi zurfi daga ƙololuwar farashi zuwa ƙasansa, tare da yawan watannin da aka ɗauka kafin a farfaɗo.

Idan lambar ta yi ƙanƙanta

Ƙaramin ma'auni yana iya nufin asusu mai natsuwa, yana kuma iya nufin farashin da ba a sabuntawa. Hannun jari ana cinikinsa kowace ranar aiki, don haka farashinsa na jiya na gaske ne. Takardun bashi da sukuk kuwa, wasu asusun suna rubuta su ne a kan kuɗin da aka saye su, suna ƙara ribar da ke taruwa kaɗan-kaɗan. Layin zai fito santsi ko da darajar takardun ta faɗi a kasuwa. A 2024 Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 27.5, kuma duk lokacin da ruwa ya tashi, tsofaffin takardu masu dogon wa'adi suna rage daraja. Asusun da ke riƙe da irinsu, amma jerinsa bai nuna ko wata ɗaya mai rauni a wannan shekarar ba, ya cancanci a tambayi manajansa: da farashin kasuwa kuke kimanta kadara, ko da farashin saye? Asusun gidaje da filaye ma haka yake, domin ba kowane wata ake kimanta gini ba.

Asusun kasuwar kuɗi na gajeren wa'adi yana da nasa salon. Farashin yunit ɗinsa a tsaye yake, abin da ke motsi shi ne ribar da ake bugawa, kuma wannan ribar ta shekara ce. Wanda ya jera kashi 17, 19, 21 a matsayin ribar wata ya auna wani abu daban. Sai an raba kowace da 12 kafin ta shiga jerin.

Santsi mafi haɗari shi ne na ƙarya. Bernard Madoff ya shafe shekaru yana nuna wa masu jari a Amurka ribar da ke kusan kashi ɗaya a wata, da wuya a ga watan asara, har asirinsa ya tonu a Disambar 2008. MMM ya yi wa 'yan Najeriya alkawarin kashi 30 a wata kafin ya rufe asusun mutane a Disambar 2016. Duk wanda ya ce hannun jari ko kuɗin waje ko kayan gona yake juyawa, amma takardarsa tana nuna lamba ɗaya kowane wata, ma'aunin hawa da saukarsa sifiri ne, kuma wannan sifirin gargaɗi ne. Kasuwar da ke motsi ba ta haifar da ribar da ba ta motsi.

Akwai kuma haɗarin da ma'aunin ba ya gani ko kaɗan. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan shekarar, asusun da ya kawo 18.2 ya bar mai shi da ƙarfin saye da ya ragu da kusan kashi 12, ko da bai faɗi wata ɗaya ba. Asusun dala ma sai an kula da kuɗin da aka auna shi da shi. A Yunin 2023, da aka saki naira ta nemi farashinta, dala a kasuwar hukuma ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki. A lissafin dala irin wannan asusun bai motsa ba, a lissafin naira kuwa wannan watan kaɗai zai cika ma'aunin. A auna da kuɗin da za a kashe.

Hukunci

Ma'aunin hawa da sauka yana amsa tambaya ɗaya da kyau: idan gobe ta yi kama da jiya, nawa kuɗina zai iya motsawa a wata? Ba ya faɗin ko kamfanin zai biya a kan lokaci, ko riba za ta riski tsadar kaya, ko alƙaluman na gaskiya ne. Kafin ka zuba kuɗi, ka nemi farashin yunit na ƙarshen wata na shekara uku, ka mayar da ribar da aka raba, ka fitar da matsakaici da ma'auni da wata mafi muni, sannan ka juya su zuwa naira a kan adadin da kake shirin zubawa. Kamfanin da ke da rajistar SEC yana da waɗannan alƙaluman a ajiye. Wanda ya kasa ba ka su, kada ka ba shi kuɗinka.